Zan tura wa akanta BVN da NIN na mutum 186, linki mai kalmar sirri ya wadatar?

Bashir Sakatare, Argungu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku. Shawara nika nema. Ni ke riƙe da takardun ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, mu 186. Akantan da zai shirya muna takardun neman rancen noman rani yana Gusau. Ya ce in turo mai jerin sunaye na Excel, da lambar waya da BVN da NIN da lambar asusun kowa, sannan da hoton takardar NIN ta kowane mutum. Da na tara su wuri guda sun kai megabait 240. Shi dai ya ce in jefo ta WhatsApp a wuce wurin. Shugabanmu ya ce bai yarda ba, in anka samu matsala wuyana za a kama. Na ji ana cewa akwai linkin da ake sa ma kalmar sirri, kuma ya mutu da kanshi bayan 'yan kwanaki. Yaya ake yin shi, kuma ya wadatar?

Ɗan Jega mai kwamfuta: Wa alaikumus salam Sakatare. Wanga abu ai bai kai a tara jama'a ba. Ɗora shi bisa Google Drive, ka kwafi linki ka tura mai. In ya sauke ka goge. Kullum haka muka yi a shago. In kuma tsoro kake ji, zuba a filash ka ba direba a tasha, ya bi ta Sakkwato ya kai mai hannu da hannu.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: Haba Ɗan Jega. BVN ɗin mutum 186 a aljihun direban da ba ka san shi ba? Filash ɗin ma a buɗe. Wannan ai ko shugaban nasu bai hana ba ni zan hana.

Injiniya Nura, Gusau: Wa alaikumus salam Malam Bashir. Bari in fara da Google Drive tunda shi aka ambata. Ba ya sa kalmar sirri a kan linki. Zaɓi biyu yake ba ka: Restricted, wato sai wanda ka rubuta adireshin imel ɗinsa, ko Anyone with the link, wato duk wanda linkin ya faɗa hannunsa ya buɗe. Na biyun ne mutane suka saba dannawa don ya fi sauƙi, kuma linkin nan zai yi shekaru yana aiki in ba ka koma ka rufe shi ba. Sa ranar ƙarewa kuma a asusun ofis na Workspace ake samu, ba abin da za ka dogara da shi ba ne a Gmail na kyauta.

Abin da ka ji labari akwai shi. OneDrive da Dropbox suna ba da kalmar sirri da ranar mutuwar linki, amma ga masu biyan kuɗi. Proton Drive yana ba da duka biyun ko a asusun kyauta, kuma wanda za ka tura wa ba sai ya buɗe asusu ba. Bitwarden Send ma yana yi, har da ƙayyade sau nawa za a sauke, sai dai tura fayil a can sai mai biya, rubutu ne kawai kyauta.

Ko ya wadatar? Shi kaɗai bai wadatar ba, zan faɗi dalili. Amma kafin nan, ta wace hanya ka yi niyyar ba shi kalmar sirrin?

Bashir Sakatare, Argungu: To ai ina ganin in na tura linki sai in rubuta kalmar a ƙarƙashinshi, don kada ya ruɗe.

Injiniya Nura, Gusau: Nan ne yawancin mutane ke zubar da aikin. Ka kulle ƙofa ka bar makulli a jikin kwaɗo. Duk wanda ya ga saƙon farko zai ga na biyu, walau yaron da ya ɗauki wayar don kallon bidiyo, walau kwamfutar ofis da aka bar WhatsApp ɗinsa a buɗe a kanta. Amfanin kalmar sirri ɗaya ne tak: ya zama wanda ya samu linkin bai samu komai ba sai ya sake samun wani abu ta wata hanya daban. Saboda haka linki ta imel ko WhatsApp, kalmar sirri kuma ta kiran waya, ka ji muryarsa ya ji taka. Kuma kai ne za ka kira lambarsa da ka sani tun da can. In wata baƙuwar lamba ta turo saƙo cewa ni ne akanta, wayata ta lalace, turo kalmar nan, kada ka tura.

Baba Manu, Yawuri: Salamu alaikum. Ni ma irin wannan ta same ni bara. Wani ya kira ni ya ce akwai taron ƙungiya da za a yi ta waya, an turo mini lamba shida in karanto masa don a sa sunana. Ina gama karantowa WhatsApp ɗina ya fita. Ya yi ta roƙon mutanena kuɗi da sunana. To wannan kalmar sirrin da kuke magana, ita ce za ta hana a ƙara ƙwace mini?

Sadiya, Ƙaura: Baba, wannan daban ne. Naka maganinsa a cikin WhatsApp yake, ka shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa lamba shida taka ta kanka. Su fayil za su tura.

Injiniya Nura, Gusau: Daban ne, amma Baba ya kawo mana abin da muke buƙata. A ɗauka abin da ya sami Baba ya sami akantan nan da safe, Malam Bashir bai sani ba. Da azahar ya tura linki da kalmar sirri ta WhatsApp. Duka biyun wayar ɓarawo za su sauka, hoton akanta na nan a sama, sunansa na nan, har ya amsa maka da "na gode Sakatare". In da kalmar ta kira ce, da ɓarawon ya tsaya da linki a hannu ba abin da zai yi da shi, kuma a kiran ne ma za ka ji cewa akantan bai ga saƙonka ba.

Ɗan Jega mai kwamfuta: Injiniya, ni hwa ban yarda a raina WhatsApp ba. Su da kansu sun rubuta saƙonni a kulle suke daga waya zuwa waya, ko kamfanin bai iya karantawa. Kuma yana ɗaukar fayil har gigabait 2. To mi ya fi wannan? Linkin naka ai bisa kwamfutar wani kamfani zai zauna.

Injiniya Nura, Gusau: Gaskiyarka ta wannan ɓangaren. A kan hanya WhatsApp ba shi da laifi, ba wanda zai tsaya tsakanin Argungu da Gusau ya karanta. Matsalar bayan ya sauka ce. Fayil ɗin zai zauna a wayar mai turawa da ta mai karɓa, a buɗe, har ranar da aka kai wayar gyara ko aka sayar da ita. Zai iya shiga ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive, wadda ba a kulle take da makullinka ba sai ka kunna End-to-end encrypted backup da kanka. View once kuma na hoto ne da bidiyo da saƙon murya, ba ya aiki a kan Excel.

Sai kuskuren yatsa. Mutum nawa ne ke da suna Aliyu a wayarka? In ka tura fayil ga Aliyun da ba shi ba, wayarsa na iya saukewa da kanta kafin ka danna Delete for everyone. In linki mai kalmar sirri ne, sai ka shiga ka kashe linkin, abin da ke hannunsa ya zama banza.

Batun kamfani kuma, ya danganta da wanne. A Proton Drive da Bitwarden Send fayil ɗin ana kulle shi ne a na'urarka kafin ya hau. Ka duba linkin za ka ga alamar # a ciki, abin da ke bayanta sirrin buɗewa ne, kuma burauza ba ta aika wannan ɓangaren ga kamfanin. Shi ya sa in ka kwafi linkin ka yanke wutsiyarsa ba zai buɗe ba. A Dropbox da OneDrive kuwa makullin yana wurin kamfanin, kalmar sirrin mai gadi ce kawai a bakin ƙofa.

Sadiya, Ƙaura: Yaya Nura, tambayata kan mutuwar linkin ce. In na sa kwana uku, bayan kwana uku fayil ɗin zai ɓace daga wayar wanda ya sauke? Wata ƙawata ta ce haka ne, wai yana goge kansa.

Injiniya Nura, Gusau: A'a ƙanwata, kuma wannan ne dalilin da na ce linki kaɗai bai isa ba. Wa'adi yana rufe hanyar saukewa ne kurum. Abin da aka riga aka sauke ya zama na wanda ya sauke, yana cikin Downloads ɗinsa, zai iya turawa, zai iya bugawa, linkin ba shi da iko da shi. Abin da wa'adi ke magancewa shi ne mantuwa: wata takwas sun wuce, an shiga imel ɗin akanta, an tarar da tsohon saƙo, an danna, sai a ga babu komai. Amfaninsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Wani abu da ake mantawa: a yawancin wuraren nan linki ne ke mutuwa, fayil ɗin yana nan a asusunka sai ka goge shi da hannunka, ka kuma zubar da kwandon shara. Bitwarden Send ne ke goge fayil ɗin gaba ɗaya a ranar da ka sa, kuma ba ya barin ka wuce kwana 31.

Ɗan Jega mai kwamfuta: To in haka na, a sa ma Excel ɗin kanshi kalmar sirri mana. Review, Protect Sheet, shi ke nan. Ina yi ma malaman makaranta a takardar sakamako.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: Wannan kam na san shi, shekaru na yi ina aikin albashi. Protect Sheet hana gyara yake yi, ba hana karantawa ba. Ka buɗe fayil ɗin za ka ga komai ɓaro-ɓaro, kawai ba za ka iya canja lamba ba. Wanda ke kullewa da gaske yana File, Info, Protect Workbook, Encrypt with Password. Shi in ba ka da kalmar ko layi ɗaya ba za ka gani ba. Amma shi ma Excel ɗin kaɗai zai rufe, hotunan NIN 186 fa?

Injiniya Nura, Gusau: Hajiya ta faɗi daidai. Ga yadda zan yi da ni ne a kujerar Malam Bashir.

Tara komai a jaka ɗaya a kwamfuta, Excel da hotuna. Sauke 7-Zip, manhajar matse fayiloli da kulle su, kyauta ne, daga shafinsu 7-zip.org. Danna jakar da maɓallin dama, 7-Zip, Add to archive. A wurin Archive format zaɓi 7z, rubuta kalmar sirri sau biyu, sannan ka sa alama a Encrypt file names. Kada ka tsallake wannan na ƙarshe. Na tabbata hotunan nan da sunayen mutane ka ajiye su, watakila har da lambar NIN a jikin sunan. In ka yi zip na gama-gari, ko da kalmar sirri, ana ganin jerin sunayen fayilolin ba tare da an buɗe ba. Kuma tsohon kullen zip mai suna ZipCrypto ya daɗe da raunana, shi kuwa 7z da kulle mai ƙarfi na AES-256 yake kullewa. Mai son rubutawa da hannu:

```
7z a -p -mhe=on takardu.7z manoma
```

Manoma a nan sunan jakar ne. Zai tambaye ka kalmar. Sunan fayil ɗin ma ka sa wanda ba ya tona komai, ba "BVN na manoma" ba.

Yadda za ka gane ya kullu: danna takardu.7z sau biyu. In ya nemi kalmar sirri kafin ya nuna maka komai, ya yi. In ka ga jerin sunaye kafin ya tambaya, ba ka sa alamar nan ba, sake.

Sai ka ɗora wannan fayil guda ɗaya a Proton Drive, ka ƙirƙiri linki, ka sa masa kalmar sirri da ranar ƙarewa. Kafin ka tura, buɗe Incognito a burauzarka, wato shafin da ba ya cikin asusunka, ka liƙa linkin. A nan za ka ga abin da baƙo zai gani. In ya buɗe kai tsaye ba tambaya, kalmar ba ta hau ba. Mutane na gwadawa a shafin da suke ciki da asusunsu, ya buɗe musu, su kasa gane komai.

Bashir Sakatare, Argungu: Madalla. Kenan kalmar sirri biyu ce, ta linki da ta fayil. Ba zan sa guda ba don sauƙi? Na yi tunanin lambar wayar shugabanmu, akantan yana da ita, ba sai na faɗa ba ma.

Injiniya Nura, Gusau: Lambar waya kam a'a. Mu yi lissafi. Lamba 11 ce, huɗun farko irin su 0803 ko 0806 'yan kaɗan ne kuma kowa ya san su. Saura bakwai, wato miliyan goma ga kowace. Kuma duk manomi 186 ɗin yana da lambar shugaban.

Bambancin kalmomin biyu yana da muhimmanci. Ta linki, duk gwajin da mutum zai yi sai ya bi ta kwamfutar kamfanin, su kuma suna iya jinkirta shi ko su tare shi. Ta fayil kuwa, wanda ya samu takardu.7z zai zauna a ɗakinsa ya sa kwamfuta ta yi ta gwaji dare da rana, ba mai tsayar da shi, ba mai sani. Miliyan goma ba komai ba ce a wurinta. Saboda haka ta fayil ita ce dole ta yi tsawo. Ɗauki kalmomi biyar da ba su da alaƙa da juna, kamar ka buɗe littafi a shafuka daban-daban ka ɗauki wadda yatsanka ya faɗa a kai:

```
gero-fitila-kada-tsani-lemu
```

Wannan misali ne, yanzu kowa a nan ya gan shi, kada a yi amfani da shi. Kada ya zama karin magana ko aya, don ana iya cankar ƙarshensu daga farkonsu. Kuma ka guji kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ. Kai za ka rubuta ƙ, shi ya rubuta k, ku kwana kuna faɗa wai fayil ya lalace. Ku daidaita a wayar: ƙananan baƙaƙe duka, ɗan layi a tsakani. Ta linki ta zama daban, kalma uku ma sun isa. Duka biyun a kira ɗaya za ka faɗa masa, ya rubuta a takarda, ya yaga in ya gama.

Sadiya, Ƙaura: Ni da na so a sa a sauke sau ɗaya tak, linkin ya mutu nan take. Ba shi ya fi tsaro ba?

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: 'Yata, da wane sabis? Megabait 240 a wayar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa? An taɓa turo mini takarda daga wani ofis da irin wannan linki. Ya kai rabi wuta ta ɗauke, na'urar intanet ta mutu. Da na dawo sai ya ce an riga an yi amfani da shi. Sai da na jira ma'aikacin ya dawo aiki ranar Litinin.

Injiniya Nura, Gusau: Haka yake faruwa, domin yawanci ana ƙirgawa ne lokacin da aka danna saukewa, ba lokacin da ya kammala ba. Akwai kuma imel na ofisoshi da bankuna masu na'urar da ke buɗe duk linkin da ya shigo don duba ƙwayar cuta kafin mai shi ya gani. Linkin buɗewa ɗaya da ba shi da kalmar sirri, na'urar na iya cinye shi. In za a ƙayyade, ni uku nake sawa. Amfanin ƙirgar a wurina ba hanawa ba ne, shaida ce: in akanta ya ce sau ɗaya ya sauke, kai kuma ka ga biyu, to akwai tambaya.

Wa'adi ma haka. Awa ɗaya yana da daɗin ji, amma mu nan mun ga Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, kuma ko yanzu akwai ranar da sabis ke wuni bai dawo ba. Ka kira shi ku tsayar da ranar da zai zauna a kan kwamfuta, ka sa kwana biyu ko uku a matsayin kariya, amma kada ka jira wa'adin. Da ya ce ya buɗe, ka kashe linkin da hannunka.

Barista Hauwa'u, Talata Mafara: Na karanta duka, kun yi ta magana kan yadda za a tura, ba wanda ya tambayi me za a tura. Malam Bashir, akantan nan lissafin rance zai shirya. Me zai yi da hoton takardar NIN na kowa? Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi ƙungiya irin taku, ba bankuna kaɗai ba. Ta ce a karɓi bayanin da ake buƙata don aikin da aka ambata, kada a zarce. In kuma bayanan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, ana sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 da sanin abin. Suna da lambar waya da BVN da NIN da lambar asusu a layi ɗaya, wannan shi ne abin da ɗan damfara ke nema ya kira manomi ya ce daga banki ne, ya karanto masa bayanansa don ya yarda, sannan ya nemi lambar da aka turo masa. Ka tambayi akantan ya rubuto maka abin da mai ba da rancen ya nema. In hotunan ba sa ciki, ka cire su.

Ɗan Jega mai kwamfuta: Barista, wagga doka ai ta Abuja ta. Wa zai zo Argungu ya kama sakataren manoma? Kuma in ba a ba da hotuna ba yanzu, gobe za su ce a kawo, a sake wahala.

Barista Hauwa'u, Talata Mafara: Ban ce za a kama shi ba. Amma in aka kwashe wa mutum ɗaya kuɗin shinkafarsa, ba Abuja zai tafi ba, ƙofar gidan Sakatare zai zo.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: Kuma tsaya, Malam Bashir, hotunan nan ta ina suka iso hannunka?

Bashir Sakatare, Argungu: Wasu ni na ɗauka da wayata a wurin taro, wasu 'ya'yansu sunka turo min ta WhatsApp.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: To ka gani. Kana ta neman kulle wanda zai tafi Gusau, alhali asalin yana cikin hotunan wayarka tare da na biki da na suna, watakila ma ya hau Google Photos. In ka gama wannan aiki ka zauna ka share su daga wayar, ka bar kwafi ɗaya a kulle a kwamfutar ƙungiya. 7-Zip ba ya goge jakar asali, tana nan a buɗe inda ka bar ta.

Ɗan Jega mai kwamfuta: Wannan kam na shaida. Kullum da dare in na duba Downloads na kwamfutocin shago, takardun banki, fasfo, sakamakon asibiti, duk ga su nan. Mutum ya buga ya biya ya tahi abinshi. Wasu har WhatsApp ɗinsu suka bari a buɗe. Ni nakan goge, amma ba kowane shago ba. In akantanku shago zai je ya buga, duk kalmominku biyar sun tashi aikin banza, don sai ya warware fayil ɗin bisa kwamfutar shagon.

Injiniya Nura, Gusau: Wannan ce magana mafi nauyi da ka yi yau. Malam Bashir, a kiran nan ka tambaye shi a kan wace na'ura zai buɗe. In kwamfutarsa ce, ya sa 7-Zip tun kafin ranar. In waya ce ta Android, ZArchiver na buɗe 7z mai kalmar sirri. In ya ce shago, a dakata. Don ka tabbatar ya buɗu daidai, ya faɗa maka layi nawa ya gani da sunan mutum na ƙarshe a jerin.

Ɗan Jega mai kwamfuta: Amma har yanzu ina kan bakata. Tunda an kulle fayil da 7z, a jefa shi WhatsApp, a faɗi kalma ta waya. Mi za a yi da linki kuma?

Injiniya Nura, Gusau: In kalmar ta yi tsawo, wannan ma ba laifi, ya fi abin da yawancin ofisoshi ke yi nesa ba kusa ba. Abin da ka rasa shi ne ikon janyewa, kuma kwafin zai zauna a wayoyi biyu. Ranar da takardar da aka rubuta kalmar ta faɗa hannun wani, fayil ɗin yana nan yana jira. Ni dai ga BVN na mutum 186 zan ƙara wahalar minti goma.

Ɗan Jega mai kwamfuta: Ai ko ta linki ya sauke, kwafin na nan a kwamfutarshi yana jira. Duk ɗaya.

Injiniya Nura, Gusau: Kwafi ɗaya a kwamfuta ɗaya, ba biyu a wayoyin da ake yawo da su ba. Amma ban ce ka yi kuskure ba.

Bashir Sakatare, Argungu: 'Yan uwa ga rahoto. Na kira shi jiya, ya duba takardar masu rancen, ashe hotunan ba su ciki, lambobi kawai sunka nema. Fayil ya dawo bai kai megabait ɗaya ba. Duk da haka na kulle da 7z, na ɗora, na sa kwana biyu, na gwada a Incognito ya tambayi kalma. Linki ta imel, kalmomi ta kira. Ya buɗe a kwamfutarshi, ya ce layi 187, sai da gabana ya faɗi kafin munka gane ya haɗa da layin kai. Na kashe linki tun da hantsi. Sai dai yanzu ya ce in ya gama, ma'aikacin bankin ya ce a turo mai ta imel, kuma kada a kulle don na'urarsu na mayar da fayil mai kalmar sirri.

Injiniya Nura, Gusau: Akwai ofisoshin da imel ɗinsu ke yin haka, don ba su iya duba abin da ke cikin fayil kulle. A tambaye shi ko suna da shafinsu na ɗora takardu. In babu, a tabbatar adireshin na bankin ne, ba Gmail ɗin ma'aikacin ba.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: In reshen na nan Birnin Kebbi ne, ni da kaina zan ce ka hau mota ka kai a hannu su buga maka hatimin karɓa.

Bashir Sakatare, Argungu: Bari in kira shi bayan la'asar in ji wane reshe ne, da adireshin da anka ba shi.